Imojin launin fata: yadda aka tsara shi da iyakar abin da yake iya nunawa

Alamomin launin fata na imoji guda biyar ne, kuma sun shiga ƙa'idar Unicode a fitowa ta 8.0, cikin watan Yuni na 2015. Su ne ke sa idan mutum ya danne hoton babban yatsa a kibod ɗin wayarsa, sai hannaye shida su jeru masa: rawaya ɗaya, sauran biyar kuma daga mai haske zuwa baƙi. Masu yabon tsarin suna cewa ya kawo kowa cikin waya, masu kushe shi kuma suna cewa ya tattara 'yan Adam ya cusa su a akwati biyar. Duka ɓangarorin sun ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Abin da aka ƙera ɗin ma'auni ne guda ɗaya tak, na haske da duhu, wanda aka aro daga asibitin fata, kuma aikinsa da gazawarsa duk daga wannan asali suke.

Imoji ɗan Japan ne. Kamfanonin waya na ƙasar ne suka fara saka ƙananan hotuna a saƙonni a ƙarshen shekarun 1990, kuma mafi shahara a cikinsu su ne guda 176 da Shigetaka Kurita ya zana wa kamfanin NTT DoCoMo a 1999, kowanne a fili mai ɗigo goma sha biyu tsaye, goma sha biyu kwance. A irin wannan ƙanƙantar babu maganar launin fata. Da Unicode ta karɓi imoji a fitowa ta 6.0 a 2010, abin da ta ba kowane hoto shi ne lamba da suna, kamar "yaro" ko "tsohuwa", ba tare da ta faɗi launi ba. Zanen kansa aikin kamfanoni ne. Kamfanin Apple, wanda ya buɗe kibod ɗin imoji ga duniya baki ɗaya a 2011, ya zana kusan duk mutanensa farare. Fitaccen mai duhun fata a cikinsu shi ne wani mutum mai rawani, kuma shi ma ba baƙi ba ne.

Ƙorafi bai daɗe ba ya taso, musamman a Amurka. An yi takardun koke a intanet, mawaƙiya Miley Cyrus ta tsoma baki, kuma a watan Maris na 2014 Apple ya amsa a fili cewa yana aiki da Unicode kan batun. Kafin nan wata Ba'amurkiya baƙar fata daga Texas, Katrina Parrott, ta riga ta fitar da manhajarta mai suna iDiversicons a 2013, da hotunan mutane masu launi biyar. Matsalar irin wannan manhaja ita ce hotuna take aikawa, kamar sitika, don haka ba sa zama a tsakiyar layin rubutu yadda harafi yake zama. Daga baya Parrott ta kai Apple kotu a 2020 kan cewa ya kwaikwayi aikinta, alƙali kuma ya kori ƙarar a 2022 bisa hujjar cewa ba a mallakar ra'ayi, zane ake mallaka. A watan Nuwamba na 2014 Mark Davis na Google da Peter Edberg na Apple suka fitar da daftarin rahoton fasaha mai lamba 51 na Unicode, wanda a cikinsa aka shimfiɗa tsarin da ake amfani da shi yau. Apple ma bai jira ƙa'idar ta kammala ba, ya saka launukan a iOS 8.3 cikin Afrilun 2015.

Hanya mafi sauƙi a ido ita ce a ba kowane hannu da kowace fuska sabuwar lamba sau biyar. Ba a bi ta ba, domin duk lambar da Unicode ta bayar ba ta ƙara janye ta har abada, kuma kowane sabon imojin mutum zai riƙa cin gurbi shida. Sai aka ƙirƙiri haruffa biyar kawai, daga `U+1F3FB` zuwa `U+1F3FF`, waɗanda aikinsu shi ne su biyo bayan wani imoji su canza masa launi. Suna aiki kamar wasali a rubutun ajami: harafin yana nan yadda yake, alamar da aka ɗora masa ce ke sauya yadda zai fito. Idan aka rubuta ɗaya daga cikinsu shi kaɗai, ɗan murabba'i ne ko da'ira mai launi, ba komai a ciki.

A ɗauki imojin da ake yawan gani a saƙon ta'aziyya da na barka da Juma'a, wato tafuka biyu a buɗe na addu'a, wanda ya shigo a 2017. Mai aikawa yana ganin hoto ɗaya, 🤲🏾, amma abin da ya bar wayarsa haruffa biyu ne a jere:

```
U+1F932  PALMS UP TOGETHER
U+1F3FE  EMOJI MODIFIER FITZPATRICK TYPE-5
```

Idan saƙon ya isa, wayar mai karɓa tana duba abu biyu. Na farko, ko harafin farko yana cikin jerin waɗanda Unicode ta yarda su ɗauki launi, wato masu siffar `Emoji_Modifier_Base`. Na biyu, ko font ɗin imoji na wayar yana da zanen da aka tanadar wa wannan haɗin. In duka sun tabbata, sai ta haɗe su ta nuna hannu mai launin ƙasa. Wayar ba ta rina hoton da kanta. Wani mai zane ne a Apple ko Google ko Samsung ko WhatsApp ya zauna ya zana hannun sau shida, aka ajiye, wayar tana ɗauko wanda ya dace ne kawai.

Daga nan ake gane kuskuren da ake gani a tsofaffin wayoyi. Idan hannu ya fito rawaya da ɗan murabba'i mai launin ƙasa a gefensa, wayar ta san haruffan biyu amma ba ta da zanen haɗinsu. Wannan da gangan aka tsara shi, don saƙon ya isa ko da a rabe: ga addu'ar, ga kuma launin da aka nufa. Idan kuma akwati ne fanko ko mai gicciye a ciki ya fito, font ɗin ne bai san harafin ba sam. Haka nan wanda ya liƙa alamar launi a bayan fuskar nan mai dariya da hawaye, zai ga fuska rawaya da murabba'i a gefe ko a sabuwar waya, domin fuskokin da'ira ba sa cikin jerin. An ɗauke su alamun yanayin zuciya, tsatson fuskar murmushi rawaya da Harvey Ball ya zana a 1963, don haka ba a lissafa su cikin mutane ba. Jerin kansa yana da ban dariya a wasu wurare: ɗan ruwa mai wutsiyar kifi yana ɗaukar launin fata, aljanin cikin fitila kuwa ba ya ɗauka.

Rabuwar nan gida biyu tana da tsada kaɗan. A tsarin UTF-8 hannun yana cin bayit huɗu, launin ma huɗu. A saƙon tes na layin waya, imoji ɗaya ya isa ya sauko da iyakar saƙo daga haruffa 160 zuwa gurbi 70, kuma hannu mai launi yana cinye huɗu daga cikin saba'in ɗin. Mai rubuta Hausa da ƙ da ɗ da ɓ ya riga ya faɗa wannan ragin tun kafin ya saka imoji, tunda haruffa masu lanƙwasa ba sa cikin tsohon jerin haruffan tes. Masu rubuta manhaja kuma sun san ciwon kan da ke biyo baya: manhajar da ke yanke rubutu bisa ƙidayar lambobi tana iya yankewa a tsakanin hannu da launinsa, sai launin ya ɓace ko ya koma layi na gaba shi kaɗai. Wanda kuma yake ƙirga yawan babban yatsa a tarin saƙonni, in bai cire alamar launin ba, zai sami abu ɗaya ya rabu masa gida shida.

Sunan Fitzpatrick da ke jikin haruffan shi ne wurin da ya fi cancantar tsayawa. Thomas Fitzpatrick likitan fata ne a Jami'ar Harvard, kuma ya fitar da ma'auninsa a 1975 don wata buƙata ta asibiti. A lokacin ana gwada wata sabuwar hanyar maganin cutar fata mai suna soriyasis, inda majiyyaci ke shan ƙwaya mai sa fata saurin jin haske, sannan a haska masa wani nau'in hasken da ke cikin rana wanda ido ba ya gani. In hasken ya yi yawa, fata ta ƙone. Likitoci sun ga cewa launin gashi da na ido ba sa nuna wanda zai ƙone, sai Fitzpatrick ya koma tambayar majiyyacin kansa: idan ka yi kusan awa guda a rana tsaka a farkon bazara, fatarka tana yin ja da zafi washegari? Bayan mako guda tana yin duhu? Wanda kullum yake ƙonewa kuma ba ya yin duhu, shi ne rukuni na ɗaya. Wanda da wuya ya ƙone kuma yake saurin yin duhu, shi ne na huɗu.

Rukunan huɗun nan duk na Turawa ne. Na biyar da na shida, na masu launin ƙasa da baƙaƙe, daga baya aka ƙara su, kuma an ware su ne bisa launin da ido ke gani da asalin mutum, ba bisa waccan tambaya ba. Ai tambayar ma ba ta da ma'ana ga mafi yawan mutanen Kano ko Damagaram, tunda jan da ake nema ba ya bayyana a baƙar fata yadda yake bayyana a fara. Sakamakon shi ne ma'auni mai tsani huɗu ga Turawa, tsani biyu ga kusan dukkan Afirka ta kudu da Sahara da Kudancin Indiya da tsibiran Melanesiya. Likitocin fata da kansu sun daɗe suna sukar sa a kan haka.

To me ya kai Unicode gare shi? Dalilin da ta bayar shi ne tana son ma'aunin da wani ya riga ya kafa, wanda aka sani, kuma wanda ba ya ɗauke da mummunan tarihi. Akwai tsohon ma'auni mai faɗi fiye da shi, na Felix von Luschan, mai tayil ɗin gilashi 36 da ake karawa a jikin mutum, amma da shi aka yi aikin auna jinsuna na farkon ƙarni na ashirin, kuma babu kwamitin da zai so sunansa a wayar mutane. Da kuma Unicode ta zauna ta raba launuka da kanta ta raɗa musu sunayen jinsi, da rigimar ba ta ƙare ba har yau. Ma'aunin likita ya ba ta mafaka, lambobi kawai ba sunan kowace al'umma. Wannan dabara ce mai kyau ta kauce wa faɗa, ko da yake an yi amfani da sunan kimiyya wurin abin da kimiyyar ba ta auna ba.

Adalci ne kuma a faɗi gyaran da aka yi. An haɗe rukuni na ɗaya da na biyu suka zama alama guda, shi ya sa ta farkon take da suna `TYPE-1-2`, kuma shi ya sa shida ta koma biyar. Da wannan, da kuma yadda masu zane suka baza launukan, uku daga cikin biyar sun zama masu launin ƙasa zuwa baƙi. Unicode ba ta ƙayyade ainihin launin kowace alama ba, ta bar wa kamfanoni, don haka na huɗu a wayar Samsung ba lallai ya yi daidai da na huɗu a iPhone ba. A aikace dai Fitzpatrick suna ne kawai ya rage a jikin haruffan. Babu mai zaɓen hannu a WhatsApp bisa yadda rana ke ƙona shi, kuma sunayen da manhajar makafi ke karantowa, daga mai haske zuwa mai duhu, ba su ambaci likitan ba.

Sai batun rawaya. Ƙa'idar ta ce imojin da ba a saka masa launi ba a zana shi da launin da ba na ɗan Adam ba, ta kuma ba da misalin rawaya da shuɗi da toka. Microsoft ya fara da toka a Windows 10, daga baya ya bi sahun sauran ya koma rawaya. Nufin shi ne rawaya ta zama ta kowa, amma ido ba ya karanta ta haka. Launi ne mai haske, ya fi kusa da hannu na farko nesa ba kusa ba a kan na biyar. A zanen barkwancin The Simpsons, mutanen rawaya su ne Turawa, baƙaƙe kuwa da launin ƙasa ake zana su. Kamfanin Lego ma ya daɗe yana cewa 'yan tsanarsa rawaya na kowa ne, amma da ya zo yin 'yan wasan ƙwallon kwando na Amurka a 2003 sai ya ba su launin fata na gaske. Wannan ya bar nauyin zaɓi a wuyan ɓangare ɗaya. Bature yana iya barin hannu a rawaya ya wuce ba tare da an ce ya faɗi komai ba, baƙin mutum kuwa sai ya danna ya zaɓa kafin ya ga abin da ya yi kama da shi.

Abin da alamomin suka iya, sun iya shi da kyau. Masu bincike a Jami'ar Edinburgh, Alexander Robertson da Walid Magdy da Sharon Goldwater, sun nazarci kimanin saƙonni biliyan ɗaya na Twitter suka wallafa sakamako a 2018. Sun gano cewa mafi yawan mutane suna zaɓen launin da ya yi kusa da nasu, cewa masu duhun fata sun fi farare yawan amfani da alamomin, kuma cewa amfani da su don cin zarafi, wanda aka ji tsoro a 2015, kaɗan ne ƙwarai. Ma'ana, alamar ta zama wani ɗan sa hannu, mai aikawa yana cewa wannan hannuna ne. Ga mutanen da suka yi shekaru suna tafa wa 'yan'uwansu da farin hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu raina shi yawanci ba su taɓa rasa kamanninsu a hoto ba.

Iyakar farko ita ce launin kawai ke canzawa, siffa tana nan. Fuskar mace mai alama ta biyar ita ce dai fuskar mai alama ta farko, hanci ɗaya, leɓe ɗaya, kuma a zanen kamfanoni da yawa gashi ɗaya mai santsi da ya zubo kafaɗa. A 2018 an ƙara alamomin gashi huɗu, ja da nannaɗaɗɗe da fari da sanƙo, amma babu kitso, babu tsefaffen gashi irin na Afirka. An nemi a saka imojin mai irin wannan gashi a 2019 ba a samu ba, sai dai matajin tsifa ya shigo a 2022. Launin ba ya faɗin ƙabila ko ƙasa, kuma daidai ne da bai faɗa ba. Bahaushe da Batamile na Kudancin Indiya da ɗan asalin Ostireliya suna iya haɗuwa a hannu ɗaya, Bakoriye da Bafaranshe su haɗu a wani. Abin da ke nuna al'ada a imoji sutura ce, kamar mace mai lulluɓi da Rayouf Alhumedhi, 'yar Saudiyya mai shekara 15 da ke zaune a Jamus a lokacin, ta nema a 2016 aka saka a 2017. Wannan hoton ya yi wa mata Musulmi aikin da alamar launi ba za ta taɓa yi ba.

Iyaka ta biyu tana jikin fatar kanta. Fata ba launi ɗaya ba ce ko a jikin mutum guda. A koma ga tafukan addu'ar nan. Tafin hannun baƙin mutum yana da haske sosai a kan bayansa, domin sinadarin da ke ba fata duhu kaɗan ne a tafi da ƙasan ƙafa. Amma da yake alamar tana nufin launi ɗaya ga hoto ɗaya, a zane da yawa tafin yakan fito da duhun da bayan hannu ne kawai ke da shi. Wanda ya buɗe hannunsa ya kwatanta da 🤲🏿 zai ga bambancin nan take. Ƙa'idar ba ta hana mai zane gyara wannan ba, sai dai tsarin "zana sau ɗaya, sauya launi sau biyar" ba ya tunatar da shi. Balle a zo ga ƙunshin lalle a hannun amarya, ko tsagar gado a kumatu, ko dabbare-dabbaren mai cutar da ke cire launin fata wuri-wuri. Zabiya kuwa tsarin ya bar shi a tsaka mai wuya: in ya zaɓi hannu mai haske, waɗanda ba su san shi ba za su ɗauka Bature ne, in ya zaɓi baƙi, ba launinsa ba ne.

Akwai kuma abin da ma'auni mai layi ɗaya ba ya kamawa. Mutum biyu suna iya yin daidai a haske, amma ɗaya fatarsa ta karkata ga ja, ɗayan ga rawaya. A gida ɗaya na ƙasar Hausa ana samun wanda ake kira fari, da wankan tarwaɗa, da baƙi, kuma duk za su cunkusu ne a hannaye uku na ƙarshe, wanda ake kira farin ma sau da yawa na uku ne ko na huɗu. Nan ne zaɓin ke iya zama abin lura. A al'ummar da man bilicin ke da kasuwa, kuma ake yabon amarya da haskenta, wanda ya matsa tsani ɗaya zuwa haske a waya yana iya yin haka don shi ne mafi kusa da shi, ko don abin da yake so a gani. Alamar ba ta bambance biyun, kuma ba ta tabbatar da komai, tunda kowa na iya danna kowane launi. A Amurka an yi ta muhawara kan farare masu amfani da baƙin hannu, wasu na ganin nuna goyon baya ne, wasu na ganin shigar burtu ce. Haka kuma babu abin da ke nuna ko launin na mai magana ne ko na wanda ake magana a kansa. Hoton jariri mai launin ƙasa a saƙon barka yana iya nufin jaririn, yana iya zama launin da kibod ta riƙe tun zaɓin da aka yi bara.

Iyaka ta uku lissafi ce, kuma ita ce ta fi wahalar da kwamitin Unicode. Alama ɗaya tana canza harafi ɗaya. To idan mutum biyu ne a hoton? Imojin musafaha, `U+1F91D`, ya shigo a 2016 a matsayin harafi guda, don haka in aka saka masa launi, hannayen biyu za su ɗauka tare. Sai da aka kai 2021, bisa shawarar Jennifer Daniel ta Google, aka warware shi ta hanyar ƙirƙiro sabbin haruffa biyu, hannu mai fuskantar dama da mai fuskantar hagu, kowanne ya ɗauki launinsa, sannan a ɗaure su da wani harafi marar ganuwa mai aikin haɗawa:

```
U+1FAF1 U+1F3FF U+200D U+1FAF2 U+1F3FB
```

Haruffa biyar ke nan don musafaha ɗaya tsakanin baƙi da fari. Launi biyar sau biyar ya ba da zane 25 ga wannan hoto kaɗai. Haka aka yi wa masu riƙe da hannun juna a 2019, bayan kamfen ɗin da manhajar Tinder ta ɗauki nauyi, sannan aka yi wa masoya a 2020, inda 200 daga cikin sabbin imoji 217 na wannan fitowar duk haɗe-haɗen launin masoya ne.

Da aka zo kan iyali sai lissafin ya gagara. Uba da uwa da yara biyu, kowa da launinsa, zane 625 ne, kuma wannan siffar iyali ɗaya ce cikin fiye da ashirin. Microsoft ya taɓa gwadawa a Windows 10, inda font ɗinsa ke harhaɗa mutanen ɗaya bayan ɗaya har haɗi kusan 52,000, amma sauran kamfanoni ba su bi ba, domin su kowane haɗi hoto ne daban da ke cin wuri a waya. Unicode ta zaɓi ja da baya. A 2023 ta kawo iyalai a siffar inuwa, ba fuska ba launi, kuma a 2024 Apple ya mayar da duk iyalansa haka. Iyali, inda aka fi samun launuka mabambanta a wuri ɗaya, shi ne wurin da aka cire launin gaba ɗaya.

Wannan lissafin ne amsar masu cewa a ƙara yawan launukan. Ma'aunin da ya fi dacewa yana nan: Ellis Monk, masanin zamantakewa a Harvard, ya tsara mai tsani goma wanda Google ya karɓa a 2022 don gwajin kyamara da binciken hotuna, kuma ya fi ba duhun fata fili. Amma a imoji, launi goma yana nufin musafaha 100 maimakon 25, kuma kowane hannu da kowace fuska su ninka. A yanzu ma kusan rabin imoji sama da 3,700 da ke cikin jerin Unicode maimaicin launin fata ne. Tsofaffin biyar ɗin kuma ba za a iya goge su ko a sauya musu ma'ana ba, tunda biliyoyin saƙonni sun riga sun ɗauke su, don haka sabbin sai dai a cusa su a tsakankaninsu, a kuma bar tsofaffin wayoyi suna nuna murabba'i a gefen hannu. Ko an yi hakan, kitso da tafin hannu da zabiya suna nan inda suke, domin matsalarsu ba ta yawan tsani ba ce. Shi ya sa kamfanonin suka karkatar da wannan buƙata zuwa wani wuri, ga hotunan kai irin su Bitmoji da Memoji da na WhatsApp, inda mutum ke zaɓen launi da hanci da gashi da ɗankwali yadda ya so. Waɗannan kuwa sitika ne, hotuna ake aika su kamar na manhajar Parrott ta 2013, ba sa shiga tes, ba a nemo su da binciken rubutu, kuma kowane kamfani da nasa tsarin.